Yadda ake rubuta sashen son kai, kyauta da shafukan sada zumunta a ƙa'idojin ma'aikata

Yawancin takardun ƙa'idojin aiki da nake gani a ƙananan kamfanonin Birnin Kebbi da Argungu suna ɗauke da jimla irin wannan: "Wajibi ne ma'aikaci ya kasance mai gaskiya da riƙon amana." Maganar daidai ce, amma ranar da aka zauna bincike ba ta kama kowa, domin babu wanda zai ce shi ba mai gaskiya ba ne. Ƙa'idar da za ta yi aiki ita ce wadda ta faɗi wanda ta shafa, da abin da aka hana shi, da wanda zai sanar wa cikin kwana nawa, da hukuncin da zai biyo baya. Bari mu ɗauki misalin kamfanin casar shinkafa mai ma'aikata arba'in, wanda yake sayen shanshera daga dillalan Suru da Bagudo.

Matakin farko shi ne a zauna a lissafa kujerun da suke yanke hukunci a kan kuɗin wani. A irin wannan kamfani su ne jami'in saye, da mai sikeli, da mai auna danshin shinkafa, da akanta mai tsara wanda za a fara biya. Idan mai auna danshi ya rubuta kashi 14 cikin ɗari a kan kayan da danshinsu ya kai 18, kamfanin ya biya kuɗin ruwa a farashin shinkafa, kuma a littafi ba za a ga alamar komai ba. Saboda waɗannan kujeru ake rubuta sashen son kai, don haka a ambaci sunayensu a cikinsa.

Daga nan sai a rubuta sashen son kai, wato karo tsakanin buƙatar ma'aikaci da ta kamfani. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kwafo jimlar da ta ce "iyali na kusa," wadda ma'anarta a takardun Turai sau da yawa ba ta wuce miji ko mata da 'ya'ya da iyaye da yayye da ƙanne ba. A wurinmu wanda ba a iya ce wa a'a sau da yawa suruki ne, ko kawu, ko ubangidan da ya samo wa mutum aikin. Saboda haka a jera su ɗaya bayan ɗaya, kamar haka:

"Duk ma'aikacin da yake da hannu wajen saye, awo, biyan kuɗi ko ɗaukar aiki, idan lamarin ya shafi mahaifansa, matarsa ko mijinta, 'ya'yansa, yayyensa da ƙannensa, kawunansa da baffanninsa, surukansa, ubangidansa, abokin kasuwancinsa, ko wanda yake bin sa bashi, wajibi ne ya sanar da manaja a rubuce kafin a yi cinikin, sannan ya janye hannunsa daga lamarin. Idan manaja ne abin ya shafa, sai ya sanar da shugaban kamfani."

A lura cewa sashen bai hana ɗan'uwan ma'aikaci kawo kaya ba. A garin da kusan kowa ya haɗa dangi da kowa, hanin ba zai yiwu ba, kuma ƙa'idar da ba za a iya bi ba tana koya wa mutane ɓoyewa. Laifin da ake hukuntawa shi ne rashin sanarwa. Idan surukin jami'in saye ya kawo buhu 200, jami'in ya cike takarda, wani ya auna, wani ya sa hannu, an gama. Daraktoci ma kada a tsame su, domin Dokar Kamfanoni ta 2020 ta riga ta wajabta wa darakta ya bayyana wa sauran daraktoci duk wata moriya da yake da ita a cinikin da kamfani zai shiga.

Sashen kyauta shi ne mafi wuya, saboda mayar da alheri abin kunya ne a al'adarmu, kuma dillalin da ya aiko da ragon layya ba zai taɓa kiran sa toshiyar baki ba. Ma'aunin da ya fi sauƙin fahimta ga ma'aikatanmu yana cikin hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, sai Annabi (SAW) ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa ko mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa. Tsarin Mulkin 1999 ma, a Jadawali na Biyar, ya bi wannan hanya game da ma'aikatan gwamnati: kyautar da ta fito daga mai kwangila da gwamnati ana ɗaukar ta a matsayin saɓa doka har sai an tabbatar da akasin haka, an kuma yarda da ta dangi da abokai gwargwadon abin da al'ada ta sani. Wannan jadawali bai hau kan kamfani mai zaman kansa ba, amma tsarinsa abin aro ne.

A aikace sai a raba kyauta gida uku. Tsabar kuɗi, ko a hannu ko ta banki ko katin waya, daga duk mai hulɗa da kamfani haramun ce komai ƙanƙantarta, ko an kira ta na goro ko kuɗin mai. Kayan da ba su kai wani adadi ba, a ce naira 20,000, kamar kalanda ko kwalin dabino a watan azumi, ana iya karɓa a rubuta a littafin kyauta cikin kwana uku. Abin da ya haura haka a miƙa shi ofis, kamfani ya mayar da wasiƙar godiya ko ya raba wa ma'aikata duka, ta yadda nauyin mayarwar ya sauka daga kan mutum ɗaya. A ƙara jimloli biyu da ake yawan mantawa: cewa ana haɗa jimillar abin da mutum ɗaya ya bayar a shekara, kuma abin da aka kai wa matar ma'aikaci ko ɗansa, har da gudummawar biki da suna, kamar shi aka ba. A riƙa duba adadin duk shekara, domin tsadar kaya tana cinye shi.

Shafukan kamfani ba sa buƙatar dogon bayani, sai dai a fara da mallaka. A rubuta cewa shafin Facebook da lambar WhatsApp ta kasuwanci dukiyar kamfani ce, an buɗe su da layi da imel na kamfani, mutum biyu ne aƙalla suke da ikon kula da su, kuma ana canza lambar sirri a ranar da ɗayansu ya bar aiki. Na san wurin da yaron da ya buɗe shafi da layinsa ya tafi da shi bayan an sallame shi, masu saye suka ci gaba da tura masa saƙon oda. Sannan a faɗi abin da ba a sawa: tallan ɗan takara, muhawarar addini, tallan hajar ma'aikaci ta kansa, da hoto ko lambar wayar abokin ciniki ba da izininsa ba, wanda Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafa. Farashi kuwa ba ya fita sai manaja ya amince. Game da shafin ma'aikaci na kansa, a tsaya ga hana shi magana da sunan kamfani da fitar da sirrinsa.

Mataki na ƙarshe shi ne hukunci da sa hannu. A bambanta wanda ya makara wajen rubuta kwalin dabino, wanda gargaɗi ya ishe shi, da wanda ya ɓoye dangantaka ya kuma karkatar da awo, wanda za a ba takardar tuhuma da wa'adin sa'o'i 48 ya kare kansa kafin a yanke hukunci, domin idan magana ta kai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa za a tambaya ko an saurare shi. A karanta takardar da Hausa a gaban kowa, har da masu gadi da 'yan dako na dindindin, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, a ba shi kwafi ɗaya, a ajiye ɗaya a fayil ɗinsa tare da kwanan wata.