Kurakurai a rahoton tallan da ya fita sau biyar

Kafin rahotonka ya isa teburin manaja, mai yiwuwa ya riga ya ga tallan nan biyar jere a shafin kamfani. Abin da yake son ji shi ne ko abin ya tsaya da irin ɓarnar da ya yi. Amma sai ka ga an cika sakin layin farko da ban haƙuri, ba a ma faɗi ko an dakatar da manhajar da ke saka tallan da kanta ba. Ga yadda ya kamata a buɗe: "Ranka ya daɗe, daga 9:00 zuwa 9:08 na safe, manhajar tsara wallafa ta saka tallan rangwamenmu sau biyar. Na dakatar da ita da 9:20, na goge huɗu, na bar ɗaya."

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne a rubuta "matsalar intanet ce" a yi shiru. Wannan bai gaya wa kowa abin da za a gyara ba. Buɗe kundin ayyukan manhajar ka duba lokutan. A ce ka ga 9:00, 9:02, 9:04, 9:06 da 9:08, lambar aikin ɗaya ce, kowanne da `504 Gateway Timeout` a gefensa. To, dandalin ya karɓi tallan tun farko, amsarsa ce ba ta dawo a kan lokaci ba. Manhajar ta ɗauka bai shiga ba, ta sake turawa har sau huɗu kamar yadda aka saita ta. Idan kuwa lambobin aikin daban-daban ne, ba maimaitawa ba ce: an tsara aikin sau biyar, ko abin da ke tayar da shi ya tashi sau biyar. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Ka kuma lura, kundin yakan nuna lokacin `UTC`, wato agogon bai ɗaya na duniya, sai ka mayar da shi agogon ofis.

Wasu don firgita sukan goge komai nan take, shaida ta tafi. Ɗauki hoton allo tukuna, kuma wanda kwastomomi suka yi tambayoyi a ƙarƙashinsa shi za a bari, ko da ba shi ne na farko ba.

"Ba a yi wata asara ba" ma ba a faɗinta da ka. An biya kuɗin tallata ɗaya daga cikin kwafin? Wani ya ci rangwamen fiye da sau ɗaya? Abin da ba ka tabbatar ba, ka ce kana bincikensa.

A wurin gyara, "za mu ƙara kula" ba ta da amfani, tunda ba mutum ne ya danna ba. Rubuta cewa an kashe sake turawa na wucin gadi, kuma za a sa manhajar ta duba ko tallan ya riga ya fita kafin ta maimaita. Sa sunan wanda zai yi aikin da ranar da zai gama.