Kada ku yarda da jimlar da na'ura ta ciro daga rasit

'Yan uwa masu ciro bayanan rasit da manhajar harshe a Garwa da Marwa, ga abin da ya ci ni. Rasit ɗinmu na Faransanci ne, suna raba dubu da tazara ko ɗigo. Wani rasit na siminti ya nuna 125.000 sefa, manhajar ta mayar da shi 125.

Yanzu nakan ɗaure ta da tsarin JSON: kuɗi ya zama `integer`, domin ba a amfani da santim a sefa, kuma abin da babu a takarda ta sa `null`, kada ta ƙaga.

Amma tsari siffa kawai yake gyarawa. Don haka lissafin, shirina ke yi: buhu 25 sau 5.000 dole ya ba da 125.000. In an sa harajin TVA na Kamaru, 19,25%, shi ma a duba. Duk rasit ɗin da lissafinsa bai daidaita ba, mutum ya karanta da idonsa.