Labarin tsoro ba sai da jini ba

Masu rubuta labarin tsoro, ni dai shawarata ku rage zubar da jini, gidan gado ma ya isheku. Ku ɗauki abu ɗaya da kowa ya sani, misali butar marigayiya Kaka dake ƙofar ɗakinta da aka kulle tun ranar sadakar arba'in. Ranar farko a wayi gari a ganta cike da ruwa, kowa yace yara ne. Rana ta biyu a tarar da ƙasan wurin a jiƙe kamar an yi alwala, ta uku kuma Inna da kanta ta fara ajiye kwanon tuwo a ƙofar kuma ta hana kowa tambaya. Wallahi shirun Inna ɗin nan yafi komai tada tsigar jiki. Don Allah kar ku buɗe ɗakin da wuri, da an ga aljani da kofato tsoron ya tafi.