Kurakuran da 'yan tireda ke yi wajen raba wa kaya wuri a kanta

Na gaji da ganin sabbin masu shago a Samaru suna cika kanta da kayan da suka fi riba a kan guda ɗaya. Ni ma wannan ne ya kusa cinye mini jari.

Ma'aunin da nake bi yanzu, wanda masu lissafi ke kira GMROI, shi ne a ɗauki ribar da kaya suka kawo a shekara, kafin cire haya da albashin yaron shago, a raba ta da matsakaicin kuɗin da ke kwance a cikin kayan. Amsar tana nuna abin da kowace naira ta haifa.

Ga yadda na ƙone. Turare yana ba ni ribar kashi 40 cikin ɗari, taliya kashi 8 kacal, sai na ba turare kantar gaba. Da na zauna da littafi, na sayar da turaren naira 600,000 a shekarar, riba 240,000, alhali kullum akwai na 400,000 a jere yana shan ƙura. Naira ɗaya ta haifi kwabo 60 ke nan. Taliya kuwa na sayar da ta miliyan 6, riba 480,000, kuma abin da ke shagon bai wuce na 150,000 ba, domin duk kwana goma nake sarowa daga Sabon Gari. Kowace naira ta kawo naira 3 da kwabo 20. Taliyar da na raina ita ke ciyar da gidana, turaren ya riƙe kuɗina shekara guda bai ko juya sau ɗaya ba!

Kuskure na biyu shi ne ƙirga kaya rana ɗaya a ce matsakaici ne. Haba! Ka ƙirga washegarin Sallah kanta fayau, ko lokacin da ɗaliban jami'a suka tafi hutu kaya sun jibge, ai lissafin ya karkace. Ni ƙarshen kowane wata nake ƙirgawa, in haɗa goma sha biyun in raba da 12. Kuma da farashin sari nake yi. Duk wanda ya yi da farashin sayarwa ya kumbura jarin, sai sakamakon ya faɗi.

Kayan da suka lalace ko wa'adinsu ya wuce, cire kuɗinsu daga riba.

Ma'aunin yana duba kuɗi ne, bai san faɗin kanta ba. In kaya biyu sun yi kunnen doki, nakan raba ribar kowanne da takun da ya cinye. Gishiri da ashana kuwa ba na taɓa su ko lissafinsu ya yi ƙasa, domin mai zuwa nemansu da wuya ya fita da su kaɗai. Turaren ma ban kore shi ba, na rage shi zuwa na 100,000 a kusurwa ɗaya.