Babi na Shida: Yadda ake warware dogon gashi mai nannaɗe ba tare da ya karye ba

Darasi na 1: Yaushe ake taje kai?

'Yar uwa, kafin ki ɗauki mataji, taɓa gashinki ki ji. In ya bushe ƙayau, ajiye matajin. Gashinmu a nannaɗe yake fitowa, kowane sili yana da lanƙwasa da yawa, kuma a wurin lanƙwasar nan ne yake da rauni. Idan kika ja shi a bushe, a nan zai ɓalle. Da hunturu abin ya fi muni, domin iska ta riga ta tsotse masa danshi.

Haka kuma ba a so ya jiƙe sharkaf da tsurar ruwa. Jiƙaƙƙen gashi yana miƙewa, in kika matsa masa da ja sai ya tsinke. Abin da ake nema shi ne danshi tare da santsi: a yayyafa ruwa har gashin ya yi laushi, sannan a shafa abin da zai sa sili ya zame a kan ɗan uwansa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan tsifa, kafin wanki. Ki riƙe wannan jerin: tsifa, warwarewa, sannan wanki. Ga dalili. Kowane mutum yana zubar da silin gashi kamar 50 zuwa 100 a rana. In kai yana cikin kitso, waɗannan silin ba su da hanyar faɗuwa, sai su maƙale a ciki. Kitson da ya yi mako 6 ya yi kwana 42 ke nan. Ki lissafa 42 sau 50, za ki sami 2,100, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci. Idan kika zuba ruwa da sabulu a kan wannan tarin gashin ba ki cire shi ba, zai naɗe sauran ya dunƙule, wani lokaci sai almakashi ne zai raba ku.

Kuma ki zaɓi ranar da ba ki da sauri. Dogon gashi mai cika yana iya cin awa ɗaya zuwa biyu. Safiyar biki, ana jiranki a ƙofar gida, ba lokacin wannan aikin ba ne.

Darasi na 2: Kayan aiki

Ki tanadi ruwa mai ɗumi a robar fesawa, ko a kwano in babu robar. Ki tanadi mataji mai manyan haƙora masu tazara, da abin ɗaure gashi guda shida ko takwas, da ƙaramin almakashi mai kaifi, da tsohon zani na yafawa a kafaɗa. Matajin nan mai ƙananan haƙora da tsini a bayansa na tsaga ne, ba na warwarewa ba. Ki ajiye shi gefe.

Abin santsi kuwa, in kina da kwandishana, to. In babu, karkashi ya wadatar, da shi iyayenmu suka saba wanke kai. Ki jiƙa cokali biyu na busasshen karkashi a kofi biyu na ruwan ɗumi, ki bar shi kamar minti 15 har ya yi yauƙi, ki tace da rariya ko tsumma mai tsabta don kada ganyen ya maƙale a kai. Kada ki sa masa kanwa kamar na miya, kanwa tana busar da gashi. Man kaɗanya ko man kwakwa suna taimakawa, amma a kan ruwa ake ɗora su. Mai shi kaɗai ba ya jiƙa gashi.

Darasi na 3: Raba kai kashi-kashi

Ba a tunkarar kai gaba ɗaya. Da yatsa, ba da mataji ba, ki tsaga daga goshi zuwa ƙeya. Kai ya zama kashi biyu. Ki sake tsagawa daga kunnen dama zuwa kunnen hagu. Ya zama kashi huɗu. Ba sai tsagar ta miƙe ba, ba kitso za ki yi ba. In kin ji gashi ya ƙi rabuwa a wani wuri, kada ki fizga, ki kauce ki bi inda ya yarda.

Mai gashi har kafaɗa ko mai cika sosai ta raba kowane kashi biyu, ya zama takwas. Ma'aunin mai sauƙi ne: in kin kama kashi ɗaya a tafin hannu kika kasa rufe yatsunki a kansa, ya yi yawa, ki sake raba shi.

Ki ɗaure duk sauran, ki bar guda ɗaya kawai a sake. Fara da na ƙeya, domin shi ne yake gogar wuyan riga da matashin kai, ya fi cukurkuɗewa, gara ki gama da shi tun hannunki bai gaji ba.

Darasi na 4: Daga baki ake farawa

Wannan shi ne darasin da ya fi kayar da mutane, saboda haka za mu daɗe a kansa. Gashi yana da tushe, wato inda ya fito daga fatar kai. Yana da baki, wato can ƙarshensa. Taɓa tushen naki. Yanzu taɓa bakin. Daga baki ake fara warwarewa, a riƙa hawa a hankali zuwa tushe.

Ki fesa wa kashin ruwa. Ki shafa karkashi ko kwandishana, ki matsa shi ya shiga ciki, ki jira kamar minti biyar. Sannan ki kama gashin da hannun hagu a tsakiyarsa, ki riƙe da kyau. Riƙon nan shi ne yake hana jan ya kai ga fatar kai. Da yatsun hannun dama ki fara buɗe bakin gashin, kina raba silin gefe da gefe, kina zare gashin da ya riga ya zube. Yatsa yana jin ƙulli ya tsaya. Mataji ba ya ji, wucewa kawai yake yi ya tsinka. Shi ya sa yatsu suke riga mataji.

In yatsunki suna ratsawa, sai ki ɗauki mataji. Ina za ki sa shi? A baki. Ki taje tsawon gaɓar yatsa biyu kawai daga ƙarshe. In ya wuce sumul, ki matsa sama kaɗan, ki sake tajewa zuwa ƙasa. In nan ma ya wuce, ki ƙara matsawa sama, hannun hagu yana hawa tare da ke. Haka za ki yi ta yi har ki isa tushe. Sai a lokacin ne mataji zai bi daga tushe har baki a ja ɗaya.

Me ya sa? In kika soka mataji a tushe kika ja ƙasa, duk ƙananan sarƙewar da ke hanya za ki turo su wuri guda, su haɗu su zama babban ƙulli a ƙasa, kamar yadda zaren ɗinki yake yi in an ja shi da ƙarfi ta gefe ɗaya. Daga nan sai dai ki ja ya karye.

Kada ki damu in hannunki ya ci gaba da komawa tushe. Tun kina ƙarama haka aka taje miki, hannu ya saba. Ki riƙa faɗa a bakinki kina aiki: baki, tsakiya, tushe. In kin kama kanki kin soka mataji a sama, zare shi ta inda ya shiga, ki koma ƙasa.

Ga misali daga aji. Wata ɗaliba ta tsefe ƙananan kitso da ya yi mako shida, gashinta ya wuce kafaɗa. A gindin kowane kitso akwai ɗan farin dunƙule na datti da mai da zubabben gashi. Mun raba kan kashi takwas. A kowane dunƙule mun ɗiga mai da ruwa, muka murza shi da yatsa har ya saki, sannan muka koma bakin gashin muka fara hawa. Kowane kashi ya ci kamar minti goma. Da muka gama ta ga curin gashi a cinyarta ya kusa cika tafin hannu, hankalinta ya tashi. Sai muka shimfiɗa silin a kan farar takarda. Kusan duka dogaye ne, kowanne da ɗan farin ɗigo a ƙarshensa ɗaya. Wannan ɗigon yana nuna gashin da kansa ya zube daga tushe, lokacinsa ne ya yi. Karyayyen gashi gajere ne, gutsi-gutsi, ba shi da ɗigon. Ke ma ki yi wannan gwajin. In kin ga gutsattsari sun cika miki zani, ko kina jin ƙaras-ƙaras lokacin tajewa, tsaya. Ko dai santsi ya yi kaɗan, ko kashin ya yi girma, ko kuwa kin koma farawa daga sama.

Kuma gaskiya mafi yawan lokaci na ukun ne. An faɗa, an nuna, an rubuta a allo, amma mako na zagayowa sai a ga mace ta dasa mataji a tsakiyar kan 'yarta tana ja, yarinya tana kuka, ita kuma tana cewa gashin ne mai taurin tsiya. Gashin ba shi da laifi. Haba, 'yan uwa! Daga baki ake farawa.

Kashin da kika gama, ki raba shi biyu ki murɗa, ko ki yi masa kalaba sako-sako. In kika bar shi a sake, yana bushewa zai tsuke ya sake sarƙewa. Sannan ki kwance na gaba, ki fesa ruwa, ki shafa santsi, ki kama tsakiya, ki fara daga baki.

Darasi na 5: Ƙullin da ya ƙi

Ki ƙara masa santsi. Ki riƙe ƙullin, ki riƙa zaro sili ɗaya-ɗaya daga cikinsa ta sama. In ya rage ɗan ƙaramin ƙulli da ba ya kwancewa, ki yanke shi da almakashi dab da samansa. Kada ki tsinka da hannu ko da haƙori, bakin silin zai tsage.

Darasi na 6: Wanki

Ki wanke kan yana cikin murɗinsa. Fatar kai ake cuɗawa da tafin yatsu, kumfar ta gangara ta wanke sauran. Kada ki tattara gashin a tsakiyar kai kina dama shi. In kin ɗauraye, ki matse ruwan da tsohuwar riga mai laushi, ki shafa man kaɗanya tun da sauran danshi.

Darasi na 7: Barci

Ki kwanta da kalaba ko murɗi, ki ɗaura ɗankwali mai santsi. Ba kullum ake taje irin wannan gashin ba, ranar wanki ta isa.

Aikin gida

Ki rubuta waɗannan kalmomi uku a littafinki bisa jerin da ake bi wajen tajewa: tushe, baki, tsakiya. Sannan ki lissafa mafi ƙarancin silin da zai taru a kitson da ya yi mako 4.