Darasi na Tara: Yadda Ake Sallamar Direban Gida

Wani magidanci a Kano ya sayar da motarsa saboda zai koma wani gari da zama. Yana da direba da ya shekara 6 yana kai yara makaranta, yana kai uwargida kasuwa da asibiti. Direban bai yi laifin komai ba, aikin ne ya ƙare. Bari mu bi yadda ya kamata su rabu. Abin da za mu faɗa ya shafi kuku ma.

Da farko maigida ya kira direban su zauna su biyu, ba a gaban yara ko baƙi ba. Kada ya aiko wani ya gaya masa. Ya ce, "Malam, na sayar da mota, tafiya ta kama ni. Ba ka yi mini laifi ba. Zo mu yi lissafin haƙƙinka."

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta 1974 ta faɗi mafi ƙarancin wa'adin da ake ba ma'aikaci kafin a sallame shi. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako ɗaya. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako biyu. Wanda ya kai shekara 5, wata guda. Wa'adin da ya kai mako a rubuce ake ba da shi. In ba a ba da wa'adin ba, sai a biya kuɗin kwanakinsa. Wannan ma'auni ne mai kyau ga aikin gida. Idan kuwa tun farko kun yi yarjejeniyar da ta fi haka, ita za a bi.

Yanzu ga lissafin. A misali, albashin direban naira 90,000 ne a wata, kuma an sayar da motar ranar 20 ga Yuni. Watan Yuni kwana 30 ne, saboda haka kuɗin kowace rana naira 3,000 ke nan. Ya yi aikin kwana 20, ya ci naira 60,000. Ba a ba shi wa'adin wata guda ba, sai a ƙara masa naira 90,000. Bana bai tafi hutu ba, kuma dokar ta ba wanda ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 da albashi, don haka maigida ya saka masa naira 18,000. Akwai kuma naira 7,000 da ya fitar daga aljihunsa ya sayi mai, ya yi facin taya. Jimilla naira 175,000.

Sai maganar bashi. Da Babbar Sallah ya ranci naira 40,000, ya biya 25,000, saura 15,000. A cire wannan, abin da zai karɓa naira 160,000 ne. A rubuta komai a takarda biyu, a karanta masa da ƙarfi, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaida, kowa ya riƙe ɗaya.

A nan ne aka fi cutar masu aiki. Ranar sallama sai a tuno fitilar da ta fashe bara, a ce za a cire kuɗinta. Abin da ba a yi maganar biyansa ba lokacin da ya faru, bai dace a tono shi yau ba. Wasu kuma su ce "ka dawo ƙarshen wata," mutum ya yi ta zarya yana kashe kuɗin mota. A biya shi a ranar. Annabi (SAW) ya ce a ba ma'aikaci ladarsa kafin guminsa ya bushe.

Direba ya mayar da makullan gida da duk wata takardar mota da ke hannunsa. Lasisin tuƙi nasa ne, ba a riƙe masa. In a ɗakin gidan yake kwana, a sa masa ranar tashi da za ta ishe shi neman wani wuri.

Saura takardar shaida, wadda zai nuna wa mai neman direba. Gajera ta isa, amma ta zama gaskiya:

"Mai ɗauke da wannan takarda ya yi mini tuƙi shekara 6. Yana zuwa a kan lokaci, yana duba mai da ruwa kowace safiya, ban taɓa rasa komai a hannunsa ba. Mun rabu ne don na sayar da mota. Mai son ƙarin bayani ya kira ni."

A ƙasa maigida ya rubuta sunansa da lambar wayarsa da kwanan wata. Da a ce direban mai makara ne, sai a bar maganar lokaci, a faɗi alherin da aka sani kawai. Kada a yabe shi da abin da ba ya yi, domin wani ne zai damƙa masa 'ya'yansa saboda wannan takarda.

Aikin gida: Wata kuku tana karɓar naira 60,000 a wata, ta shekara 3 tana aiki. An sallame ta ranar 10 ga Satumba ba tare da wa'adi ba. Nawa ne kuɗin kwanakin da ta yi? Nawa ne kuɗin wa'adinta?