Kurakuran da aka fi yi wajen neman ƙarin albashi ko ɗage ranar fara aiki

Takardar ɗaukar aiki tayi ce, kuma tayi ana iya tattaunawa a kansa. Mutanenmu da yawa a Kaduna ba haka suka ɗauke ta ba. Da zarar an kira su, kunya da murna su haɗu su rufe musu baki: "Ranka ya daɗe, duk abin da kuka bayar, Allah ya sa albarka." Sai ƙarshen watan farko, kuɗi ya shigo asusu, sannan hankali ya tashi.

Kuskuren da ya fi kowanne tsada shi ne a amsa tukuna, sannan a dawo neman gyara. Magana zarar bunu ce. Idan ka ce ka yarda, ko ka sa hannu, kamfani ya riga ya sallami sauran masu nema ya rufe lissafinsa, kuma duk abin da ka zo da shi daga baya za a kalle shi a matsayin saɓa alkawari. Gyaran ba wuya. Idan an kira ka a waya, yi godiya sosai, nuna farin cikinka, sannan ka ce: "Yallaɓai, ina roƙon a turo mini takardar in karanta, zan ba da amsa nan da kwana biyu in Allah ya yarda." Babu manajan kirki da zai ji haushin wannan.

Na biyu shi ne rashin sanin wane kuɗi ake magana a kai. A ce wata akanta da ke zaune a Rigasa ta samu aiki a wani kamfani a Kakuri, takarda ta ce naira 180,000 a wata. Wannan jimillar albashi ce kafin a cire komai. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, mai aiki kuma ya ƙara kashi 10 daga aljihunsa, kuma ana lissafin ne a kan ainihin albashi da alawus na gida da na sufuri. Idan waɗannan ukun sun kai naira 150,000 a takardarta, naira 12,000 ta tafi fansho ke nan, ga kuma haraji. Sannan a ce kuɗin mota zuwa da dawowa yana cin naira 2,000 a rana. A kwana 22 na aiki, naira 44,000 ce. Abin da ya rage mata bai kai naira 124,000 ba, tun ba a yi maganar abincin rana ba. Saboda haka kafin ta nemi ƙari, ta fara tambaya: "Nawa ne zai shigo hannuna bayan an cire komai?" A kan wannan amsar za ta gina buƙatarta.

Daga nan sai yadda ake yin roƙon. Wasu sukan ce, "A ɗan duba mini, a ƙara wani abu." Wani abu nawa? Mai karanta wasiƙar zai kai ta gaban shugabansa, kuma ba zai iya kai "wani abu" ba. Faɗi adadi guda. Wasu kuma sukan jero matsalolin gida: kuɗin haya, kuɗin makarantar yara, jinyar mahaifiya. Duk gaskiya ne, kuma ina tausaya wa mai su, amma kamfani ba ya yanka albashi bisa nauyin da ke kan mutum. Hujjar da take tasiri ita ce wadda ta shafi aikin: shekarun da ka yi kana yinsa, takardar ƙwarewar da kake da ita, da ayyukan da aka ce za ka riƙe. Ga yadda akantar nan za ta iya rubutawa, ko da da Turanci za ta aika, tsarin ɗaya ne:

"Hajiya, barka da aiki. Na samu takardarku, na gode ƙwarai da amincewar da kuka yi da ni, kuma ina da sha'awar aikin sosai. Ganin cewa na shekara huɗu ina wannan aiki, kuma an haɗa mini lissafin albashin ma'aikata da na sito, ina roƙon a duba yiwuwar mayar da albashin naira 210,000 a wata. Idan hakan bai samu ba yanzu, zan yi farin ciki a rubuta cewa za a sake duba shi bayan watannin gwaji."

Jimlar ƙarshen nan ita ce ta bar ƙofa a buɗe. Sau da yawa ainihin albashi a ɗaure yake da tsarin kamfani, amma ana iya samun sassauci a alawus na sufuri, ko inshorar lafiya ta iyali, ko ƙari bayan an tabbatar da mutum. Kada kuma ka ƙirƙiro wani tayin da babu shi don ka tsoratar da su. Kaduna ba ta da girman da kake zato, masu ɗaukar ma'aikata sun san juna. In suka ce "to, je ka can," ka rasa duka.

Duk wannan na kamfani ne da ƙungiyoyi masu zaman kansu. A aikin gwamnati albashi yana bin mataki ne, jami'in da ke gabanka ba shi da ikon ƙara ko kwabo. Abin da za ka iya nema shi ne a gyara matakin idan an ɗora ka ƙasa da abin da takardunka suka cancanta.

Batun ranar fara aiki ya fi sauƙin samu, amma a nan ma ana tafka kuskure. Takardar akantar nan ta zo ranar 3 ga Maris, an ce ta fara ranar 10, alhali tana aiki a wani wurin. Tsoron kada aikin ya kuɓuce sai ya sa mutum ya ce to, ya sulale daga tsohon wurin ba sallama. Dokar ƙwadago ta ƙayyade mafi ƙarancin notis: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata uku amma bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa ƙasa da biyar, wata ɗaya daga shekara biyar zuwa sama. Amma duba takardar tsohon aikinka, domin yawancinsu wata ɗaya suke rubutawa, ko kuma ka biya albashin wata a madadinsa. Wanda ya gudu ba notis yana iya rasa haƙƙoƙinsa na ƙarshe, kuma ranar da sabon wurin ya nemi shaida daga tsohon, abin zai fito.

Ita sai ta rubuta: "Takardar aikina na yanzu ta wajabta mini ba da notis na wata ɗaya, kuma ina so in miƙa aikin yadda ya kamata. Ina roƙon a amince in fara ranar 8 ga Afrilu." Rana takamaimai, dalili guda. Ban da "nan ba da jimawa ba" ko "bayan Sallah", domin ba a shirya tebur da kwamfuta a kan irin wannan. Wannan dalilin ma daraja yake ƙara mata, don sun ga yadda za ta rabu da su wata rana.

A haɗa buƙatun biyu a wasiƙa ɗaya. Wanda ya nemi ƙarin albashi yau, aka ba shi, jibi ya dawo da maganar rana, ya fara gajiyar da mutane tun bai shiga ofis ba. Kuma ka yi maganar da kanka. Tura kawu ko wani babba ya roƙa maka al'ada ce mai kyau a neman aure, amma a nan tana nuna ba za ka iya tsayawa da ƙafarka ba, tana kuma ɗaure wanda aka roƙa da nauyin da bai nema ba.

Idan an amince a waya, kada ka tsaya a nan. Manajan da ya yi maka alkawari yana iya barin wurin kafin watannin gwajinka su cika. Nemi a sake fitar da takardar da sabon adadi da sabuwar rana, ko aƙalla a tabbatar ta imel. Sai ta zo hannunka, ka karanta, ka sa hannu, sannan ka miƙa takardar ajiye aiki a tsohon wurin.